Waiwaye: Daƙiƙa Talatin da Benci Ɗaya

A ƙarshen 2022 ɗan yayata ya same ni a gida bayan sallar isha'i. Yana da ɗan shagon gyaran waya a kasuwar Farm Centre a nan Kano, shago mai faɗin tabarma biyu, shi da yaransa biyu. Bayan an gaisa ya ce, "Kawu, talla nake so ka rubuta min. Ta bidiyo, ta daƙiƙa talatin, wadda zan ɗora a WhatsApp."

Na ce masa ai wannan ba aiki ba ne, ya dawo gobe. Na yi shekaru ina rubuta tallar rediyo, ta shinkafa, ta makarantun kuɗi, ta maganin sauro, don haka ina ganin daƙiƙa talatin abin da zan gama ne kafin shayina ya huce. Sai da na rubuta tallar nan sau uku, kuma ta biyun ta kusa haɗa yaron faɗa da mutane.

Dalilin da ya sa ya ce daƙiƙa talatin kuwa, a lokacin iyakar abin da WhatsApp ke ɗauka ke nan a bidiyo ɗaya na Status. Sai a 2024 aka ƙara shi zuwa minti ɗaya. In bidiyonka ya wuce haka sai ka yanka shi biyu, kuma duk mai waya ya san yadda yake yi da kashi na biyu: yatsa ne kawai, ya wuce.

Rubutun farko na yi shi ne yadda hannuna ya saba. Na buɗe da sallama, na yi wa jama'a albishir, na faɗi sunan shagon sau uku. Sannan na jero duk abin da suke yi: canjin sikirin, canjin batir, gyaran bakin caji, filashin, gyaran sifika, wayar da ta faɗa ruwa, har da sayar da caja da gilashin kariya. Na rufe da adireshi da lambobin waya guda biyu. Kalma 118. Da yaron ya zo na miƙa masa takardar ina jin daɗi, sai ya danna agogon wayarsa ya ce in karanta. Na karanta da muryar da nake ganin ta dace. Daƙiƙa 52.

A daren na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun farko, wato na auna bakin mutum. Ƙirga kalmomi yana yaudara a Hausa, domin "da" kalma ce, "ƙwararrun" ma kalma ce, amma ba lokaci ɗaya suke ci ba. Gaɓa ake ƙirgawa. Na karanta jimloli iri-iri ina duba agogo, na ga in ina magana yadda mai sauraro zai fahimta ba tare da ya ji ana korarsa ba, gaɓa huɗu zuwa biyar nake furtawa a daƙiƙa ɗaya. Ke nan daƙiƙa talatin ba za ta ɗauki fiye da gaɓa 120 zuwa 150 ba, kuma wannan in ba a yi numfashi ba, ba a bar hoto ya yi nasa aikin ba.

Sai kuma lambar waya, wadda ita ce ɓarauniyar lokaci mafi girma. Ka duba alƙalumanmu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, har zuwa tara, kowanne gaɓa biyu ne, sifili kuwa uku. Lambar Najeriya alƙalami 11 ce, kuma da sifili take farawa. Kafin ka karanta ta sau ɗaya ka ci gaɓa 23 ko fiye, in ka haɗa da ɗan tsayawar da ake yi tsakanin rukuni da rukuni, daƙiƙa shida ko bakwai sun tafi. Lamba biyu, kusan rabin tallar ke nan. A rediyo dole ne ka karanta, don kunne kaɗai gare ka. A bidiyo kuwa ido yana nan zaune ba ya aikin komai, ni kuma na ɗora wa baki kayan da ido zai ɗauka a kyauta. Nan na gane cewa tallar rediyo na rubuta, na kuma yi niyyar a manna mata hotuna.

Daga nan na koma raba takarda gida biyu da layi daga sama har ƙasa. Hagu, abin da ido zai gani. Dama, abin da kunne zai ji. A bakin takardar kuma daƙiƙoƙi. Dokar da na kafa wa kaina ita ce, duk abin da ya fito a hagu ba zai sake fitowa a dama ba. In hoto ya nuna fasasshen sikirin, ba sai murya ta ce "shin sikirin ɗin wayarka ya fashe?" ba. Mai kallo ba makaho ba ne.

Rubutu na biyu ya shiga daƙiƙa talatin cif. Na zubar da jerin ayyukan nan, na nemi magana ɗaya mai kama kunne, na kuwa same ta: "Kowace matsala, cikin minti talatin." Daƙiƙa talatin, minti talatin, har ina yaba wa kaina. Yaron ya ɗan yi shiru da ya ji, amma kunyar kawu ta hana shi magana, ni kuma ban tambaye shi ba. Aka ɗauka, aka ɗora.

Kwana huɗu bayan nan ya kira ni. "Kawu, don Allah a sauke tallar nan." Wani bawan Allah ne ya kawo wayar da ta kwana biyu da faɗawa cikin bokitin wanki, ya ajiye ta a kan tebur, ya nuna agogon hannunsa, ya ce ya fara ƙirga minti talatin ɗinsa. Da aka ce masa sai gobe ko jibi, kuma ba a yi alkawarin za ta tashi ba, sai ya ciro wata wayar ya kunna musu tallarsu a gaban mutane, da ƙarfi.

Mutumin yana da gaskiya. Ni ne ban san aikin da nake tallatawa ba. Daga baya yaron ya zaunar da ni ya yi min bayani. Canjin sikirin a irin wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, su Tecno da Infinix da Itel, yakan yiwu cikin rabin awa ko ɗan fiye, in akwai kayan a shago, ko da yake gam ɗin ma yana son a ɗaure shi a ba shi lokaci ya kama. Batir da bakin caji su ma ba su cika cin lokaci ba. Amma wayar da ta sha ruwa sai an buɗe ta, an cire batir, an wanke fanel da sinadari da ɗan burushi, an busar, sannan a bi da mita ana neman inda wuta ke haɗewa. Ruwa kuma yana ci gaba da cin ƙarfe ko bayan ya bushe, shi ya sa wata za ta tashi yau ta mutu bayan mako. Babu mai gyaran kirki da zai ba ka lokaci a kan wannan. Kalmar "kowace" da na sa don ta cika min jimla, ita ce ta ɗaure shagon da igiyar da ba zai iya kwancewa ba. Ni na rubuta na tafi gida na kwanta, su aka bari da biyan bashin, domin duk abin da murya ta furta a talla bashi ne a kan mai shago.

Kafin in rubuta ta uku na ce ba zan ƙara sa alƙalami a takarda ba sai na wuni a shagon. Na je ranar Asabar, aka ba ni wata kujerar roba mai karyayyen hannu, na zauna daga hantsi har la'asar sakaliya. Ban je kallon gyara ba, sauraron masu kawo gyara na je.

Abin da na ji ya ba ni mamaki. Kusan babu wanda ya fara da tambayar tsawon lokacin da za a ɗauka. Wani dattijo ya miƙa wayarsa amma bai sake ta ba, ya ce, "Yaro, batirina sabo ne fa, na san shi." Wani matashi ya tambaya sau biyu ko sikirin ɗin da za a sa masa orijina ne ko kwafi, ya kuma ce wancan karon a wani wuri kuɗin orijina ya biya, bayan wata ɗaya tac ya daina aiki a gefe guda. Wadda ta fi tsaya min a rai wata mata ce da ta zo da ƙaninta. Da yaron shagon ya ce, "Hajiya, sai kin ba mu lambar buɗewa don mu gwada," sai ta mai da wayar cikin jaka. Ta ce a cikin wayar nan akwai hotunan bikin 'yarta, akwai na cikin gida da ba ta sa mayafi ba, akwai manhajar bankinta. Ta gwammace ta ci gaba da amfani da fasasshen sikirin yana yankar mata yatsa. Ɗan yayata ya taso ya ce, "Hajiya, ba sai kin ba mu ba. Ki zauna nan, a gabanki za a yi, in an gama ke za ki buɗe da hannunki ki gwada." Ta dube shi, ta dubi ƙaninta, ta zauna.

Na ciro biro na rubuta maganar a bayan wata takardar rasit. Tallar tana bakinsa tun tuni, yana faɗinta kullum ba tare da ya san talla ba ce. Mai kawo gyaran waya tsoro yake ji kafin ya ji sauri: kar a canza masa kaya, kar a leƙa masa asiri, kar a buɗe waya sannan a faɗi kuɗin da ba zai iya ja da baya ba.

Amma wannan karon na yi hankali. Na tambaye shi, "Wannan 'a gabanki' ɗin, kullum za ka iya cika shi?" Ya ce a sikirin da batir da bakin caji, ƙwarai. A aikin fanel da zai kwana kuwa, a'a. Abin da suke yi shi ne su cire wa mutum sim da memori su ba shi, su rubuta masa rasit da lambar IMEI ta wayar, wadda ake gani in an danna *#06# in wayar tana kunnuwa. Na ce to tallar ba za ta taɓa maganar ruwa ko fanel ba. Sikirin kaɗai za mu nuna, alkawarin ya tsaya daidai inda ƙarfinsa ya tsaya. Ya ɗan yi ƙorafi cewa mutane za su zaci sikirin kawai ya iya. Na ce masa wanda ya yarda da kai a kan sikirin, da ƙafarsa zai kawo maka sauran.

Ga yadda rubutun ya kasance, daƙiƙa bayan daƙiƙa.

0 zuwa 3. Hoto: mutum yana saukowa daga adaidaita sahu, waya ta suɓuce daga aljihun riga ta faɗi rub da ciki a kan siminti. Hannu ya juyo ta, ga tsaga kamar saƙar gizo. Murya: babu, ƙarar faɗuwar kawai.

3 zuwa 8. Hoto: mutumin a bakin shago, ya miƙa wayar, ya ɗan janye hannu. Murya: "Ta fashe. Amma ba kowa ake bar wa waya ba."

8 zuwa 17. Hoto: daga sama, hannun mai gyara a kan tebur, sai kyamara ta ja baya a ga mai wayar zaune a gefensa yana kallo. Murya: "A nan, a gabanka za mu buɗe ta. Za ka ji kuɗin kafin mu kwance noti ko ɗaya."

17 zuwa 23. Hoto: sikirin biyu a jere, yatsan mai wayar ya nuna ɗaya, sannan a saka tsohon a leda a miƙa masa. Murya: "Orijina ko kwafi, kai za ka zaɓa. Tsohon sikirin kuma ka tafi da abinka."

23 zuwa 25. Hoto: mai wayar ya buɗe ta da hannunsa, ta kawo haske. Murya: babu.

25 zuwa 30. Hoto: allo mara motsi, sunan shago, layin da yake, lamba ɗaya da manyan alƙaluma. Murya: sunan shagon da layinsa, sannan "Ga lambarmu nan a rubuce."

Duka maganar kalma hamsin ce da 'yan kai, gaɓa ba ta kai casa'in ba. Ke nan kusan daƙiƙa goma daga cikin talatin ɗin babu mai magana. Da farko shirun nan ya tsorata ni, don a rediyo shiru na daƙiƙa uku laifi ne, sai a zaci wuta ce ta ɗauke. A nan kuwa shi ne ya fi aiki. Daƙiƙa ukun farko su ne inda mai kallo ke yanke shawarar tsayawa ko wucewa, kuma ƙarar waya a kan siminti ƙara ce da duk mai waya yake ji har cikin cikinsa. Sallama da albishir da na buɗe da su a rubutun farko, kowa ya ji su ya san talla ce ta zo.

Wurin da na fi daɗewa a kai shi ne daƙiƙa ta 8 zuwa ta 17. Yaron da ya ɗauki bidiyon so yake ya cika wurin da hotunan kusa-kusa: hantsaki yana ɗaga wata 'yar waya siririya, hayaƙin dalma, bulowa tana hura zafi. Hotuna ne masu kyau, duk mai tallar gyaran waya su yake nunawa. Na ce masa ya ɗauki ɗaya ya isa, sauran lokacin ina son a ga mutum biyu a hoto guda, mai gyara da mai waya, kafaɗa da kafaɗa. In murya ta ce "a gabanka" amma ido bai ga kowa a gaban teburin ba, magana ce kawai. Gani ya kori ji, kuma wannan hoton shi kaɗai ne shaidar da tallar take da ita.

Akwai wata matsala da Hausa ta kawo min wadda ban hango ba. "A gabanka" namiji ake nufi, alhali wadda ta ba ni tallar mace ce, kuma a ganina mata sun fi jin wannan tsoron. Na gwada "a gabanku", sai na ji kamar sanarwar hukuma, kusancin ya tafi. Maganin ya zo da sauƙi: muka naɗi murya biyu. Ta biyun wata ƙanwar ɗan yayata ce ta karanta, "a gabanki", "za ki ji kuɗin", "ke za ki zaɓa", "ki tafi da abinki", muka sake ɗaukar wuraren da mai waya ke fitowa da wata 'yar uwa sanye da hijabi. Gaɓoɓin ba su canza ba, don haka lokacin bai motsa ba. Muryoyin kuma ba a kasuwa muka naɗe su ba, saboda ƙarar janareto ba ta barin komai. Cikin mota muka shiga muka ɗage gilasai.

Ranar ɗaukar hoto saura ƙiris mu tafka abin kunya. Don a nuna wayar ta tashi, ɗaya daga cikin yaran shagon ya ɗauko wata da aka gama gyarawa tana jiran mai ita. Aka kunna, aka ɗauka, kowa ya ce ya yi. Sai da muke dubawa a CapCut na ga hoton da ke fuskar wayar: wata mata ce rungume da jariri. Iyalin wani ne da ba mu nemi izininsa ba, za mu watsa su a gari cikin tallar da ke cewa mu masu amana ne. Aka goge, aka sake da wayar mai shagon. Tun daga ranar, a kowane rubutu nakan ƙara layi a ɓangaren hagu in faɗi wayar wa za a yi amfani da ita. Wadda aka jefar a siminti kuwa matacciya ce da ta daɗe a cikin akwati.

Saura ƙananan abubuwa da na koya a gurguje. Bidiyon a tsaye ake ɗaukarsa, 9:16, kuma lambar waya a tsakiyar allo ake sa ta, don in an ɗora shi a TikTok rubutu yana rufe ƙasa, maɓallai suna rufe dama. Mun rubuta jimlolin a kan hoton saboda masu kallo ba sauti, sai muka tarar salon haruffan da yaron ya zaɓa ba shi da ɗ da ɓ, "kuɗin" da "zaɓa" suka fito da rami a tsakiya, sai da aka canza salo. Kuma na ƙi sa farashi duk da ɗan yayata ya matsa. Kayan gyaran nan daga waje ake shigo da su, da dala ake lissafinsu. Da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kuɗin sikirin ya tashi, amma tallar ba ta tsufa ba, domin abin da ta ce shi ne za ka ji kuɗin kafin a kwance noti, ba ta ce ga nawa ba.

Ba ni da alƙaluman da zan ce ga yawan mutanen da tallar ta kawo, shagon ba ya ajiye irin wannan lissafi. Ma'aunin da na ba shi shi ne ya saurari abin da baƙin fuska ke faɗa in sun iso. Bayan kamar mako uku ya ce min mutane sun fara tsayawa a bakin shago suna tambaya, "Ku ne masu gyara a gaban mutum?" Wasu kuma in an gama sai su miƙo hannu su ce a ba su tsohon sikirin ɗinsu, abin da a da babu mai tambaya.

Sai dai alkawarin nan ma da kuɗinsa ya zo. Shagon da aka tsara don mutum ya ajiye waya ya tafi, yanzu kowa zama yake yi, kujerar roba kuma ɗaya ce. Aikin ya ɗan rage sauri, don gyara ana kallonka ba kamar gyara kai kaɗai ba ne, kuma ɗaya daga cikin yaran bai ji daɗin hakan ba, bai daɗe ba ya koma wani wuri. Ɗan yayata ya fitar da wata kanta ya ba kafinta aikin benci mai cin mutum uku. Da na koma shagon bayan ƙaramar sallah na tarar da bencin cike, wani malami da carbi a hannu ya sunkuya yana bin hantsakin da ido. Ɗan yayata ya ɗago ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, kuɗin bencin nan fa a cikin ladanka zan cire." Kujerar robar nan mai karyayyen hannu aka sake jawo min.